Allon yanayi da wasan hasashe a ajin yara: me ake koyarwa, kuma ina ake yin kuskure?

Duk farkon shekara, idan hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ta fitar da hasashenta na damina, sai muhawara ta tashi a rediyo da majalisun hira a kan ko ɗan Adam yana da hurumin faɗin lokacin da ruwa zai sauka. Wannan muhawara ta daɗe da shiga makarantun yara ƙanana, domin a azuzuwan nazare da farkon firamare da dama akwai wani kwali a bango da ake liƙa wa hoton rana ko na gajimare kowace safiya, a wasu kuma akan tsayar da yaro gaban 'yan'uwansa ya kwaikwayi mai karanta hasashen yanayi a talabijin. Wasu iyaye suna ganin wasa ne na cinye lokaci, wasu suna tsoron kada a saba wa yaro da faɗin abin da zai faru gobe kamar mai duba, malamai da dama kuma suna yin abin ne kawai don sun tarar ana yi. Tambayar ita ce, mene ne wannan allo yake koya wa yaron da bai wuce shekara bakwai ba, kuma ta yaya za a gane ko yana aiki ko ya zama ado?

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Tushen ruɗanin yana cikin kalmar yanayi, wadda muke ɗora wa abubuwa uku mabambanta. Akwai yanayin yini, wato abin da sama take ciki yanzu: rana ce tas, ko hazo, ko hadari ya haɗo. Akwai lokacin shekara, wato watannin da irin yanayi ɗaya yake yawan maimaituwa a cikinsu, kamar damina ko hunturu. Sannan akwai daɗaɗɗen yanayin wuri, wanda sai an tara lissafin shekaru masu yawa ake iya faɗinsa, kamar a ce Kano ta fi Agadas samun ruwa.

Yaro yana iya ganin na farko da idonsa, amma ba ya iya ganin na biyu, domin lokacin shekara ba abu ba ne da ake leƙawa ta taga a hango. Ɗan shekara huɗu yakan ce jiya alhali yana nufin makon da ya wuce, kuma damina biyu ko uku kacal ya taɓa gani da wayonsa. Aikin allon shi ne ya riƙe masa kwanakin da ƙwaƙwalwarsa ba za ta riƙe ba, ta yadda bayan wata guda zai tsaya ya ga kwanaki ashirin a jere gaban idonsa, ya lura da kansa cewa hoton hazo ya fi yawa. Daga tarin yanayin yini ake haifar masa da fahimtar lokacin shekara. Saboda haka allon da ake gogewa kowace safiya a sake sabo, wanda ba ya barin tarihin jiya da shekaranjiya, ya rasa dalilin da aka kafa shi, ko da kuwa ya fi kowane allo kyau.

Allon da aka sayo da wanda ya dace da sararin samaniyarmu

Na taɓa shiga wani aji a wata makarantar kuɗi a watan Afrilu, zafi yana dukan kwano har yara suna fifita da littattafansu, na tarar da kwalin lokutan shekara mai gida huɗu a bango. Gida ɗaya furanni ne, ɗaya bakin teku, ɗaya ganyaye jajaye suna zubowa, na ƙarshe kuma mutum-mutumin dusar ƙanƙara da hula a kansa. Kibiyar kwalin tana nuna gidan furanni. Yaran sun haddace sunayen huɗun da Turanci ba tare da tuntuɓe ba, amma da na tambayi wata yarinya wane lokaci ake ciki a waje, sai ta dubi malamarta tana jiran a faɗa mata.

Wannan rabo na gida huɗu gaskiya ne a Turai da arewacin Amurka, inda tsawon yini da zafin rana suke sauyawa sosai tsakanin Yuni da Disamba. A Kano, wadda take kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. Abin da yake raba mana shekara shi ne ruwa da iska. Shi ya sa fassarar sunayen ma take kawo cikas, har za ka ji ana kiran lokacin furannin Turai bazara, wani kuma ya kira lokacin zafinsu bazara, alhali bazararmu abu ne daban: tsananin zafi da zufa na gab da saukar ruwa.

Bahaushe yana da nasa rabon, kuma shi ya kamata ya hau bango. Damina takan kankama a ƙasar Kano daga ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ta kai ganiyarta a Agusta lokacin malka, ta janye a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Sai ɗan zafin agajeri ya biyo baya, kaka ta shigo da girbi, sannan hunturu ya zo da sanyi da hazo daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zafi yake tashi, ya kai ƙarshensa a Afrilu da farkon Mayu, wato bazara. Rani kuwa a bakin mutane da yawa suna ne na dukan watannin da babu ruwa, wasu kuma suna keɓe shi ga tsakanin hunturu da bazara. Ba sai malami ya warware wannan saɓani ga yara ba. Ya isa ya zaɓi sunayen da iyayen garin suke amfani da su, ya tsaya a kansu duk shekara. Waɗannan watanni ma suna motsawa gwargwadon wuri, domin ruwa yakan riga sauka a Kaduna kafin Kano, ya riga sauka a Kano kafin Damagaram, don haka allon da aka rubuta wa watanni a wani gari ba lallai ya dace da wani ba.

Akwai kuma batun kalanda. Shekarar Hijira ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumin da aka yi a Yuni cikin 2016 ya dawo Maris a 2025. Yaron da aka ce masa azumi lokacin zafi ne zai ga akasin haka kafin ya gama sakandare. Ana iya rubuta kwanan wata biyun a saman allo, amma jerin lokutan shekara dole ya bi watannin rana.

Abin da malami ya kamata ya sani kafin ya tsaya gaban allo

Ba za a yi wa ɗan nazare bayanin dalilin sauyin lokuta dalla-dalla ba, amma malamin da bai san dalilin ba ba zai san abin da zai sa yara su lura da shi ba. Iska biyu ne suke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga arewa maso gabas ta ratsa Sahara, ita ce take kawo hazon hunturu, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa. Ɗayar mai laima ce, tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika. Layin da suke haɗuwa yana tafiya arewa yana dawowa kudu a bin sawun rana. Idan ya wuce mu ya yi arewa, muna cikin iskar teku, damina ke nan. Idan ya koma kudu ya bar mu, sai iskar hamada ta karɓe mu.

Wannan bayani yana da amfani a aji domin ana iya ganinsa da tsumma. Idan aka ɗaura ƙyalle mara nauyi a kan gora a fili, nesa da bango da bishiya, a Janairu zai riƙa kaɗawa zuwa kudu maso yamma, a Yuli kuma ya juya ya riƙa kaɗawa zuwa arewa maso gabas. Juyawar ƙyallen a cikin bazara, tare da zufar da take fara damun mutane da dare, ita ce alamar farko cewa iskar ruwa ta iso. Wani abin da yake burge yara shi ne, duk da cewa iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, babban hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, abin da kowane manomi ya sani. Yaron da ya koyi duba gabas idan ana maganar hadari ya koyi abin da zai amfane shi har tsufansa.

Yadda ake tsara allon

Kwali ɗaya ya isa wata ɗaya. A ja layuka a fitar da gida ga kowace ranar makaranta, a bar shi a bango har wata ya ƙare, sannan a matsar da shi gefe a liƙa sabo kusa da shi, ta yadda watannin za su jeru kamar shanya. Ga 'yan shekara uku zuwa huɗu alama uku ta wadatar, wato rana, gajimare da ruwa, sai a ƙara hazo idan hunturu ya shigo. 'Yan shekara biyar zuwa bakwai suna iya ɗaukar iska mai ƙarfi, da raba yayyafi daga ruwa mai yawa. Da zarar alamomin sun wuce shida, sai gardamar wace za a liƙa ta cinye lokacin duban sama.

Alamar hazo ita ce wadda allunan da ake sayowa ba su da ita, kuma rashinta yana sa yara su liƙa gajimare a ranar da babu gajimare ko ɗaya. Hanyar raba su mai sauƙi ce. A zaɓi abu ɗaya mai nisa da ake hangowa daga ƙofar aji, kamar hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis na waya ko wani dutse, a riƙa tambaya kowace safiya ko ana ganinsa sosai, ko dishi-dishi, ko ya ɓace. Masu aikin yanayi a filayen jirgin sama ma da irin wannan dabara suke kimanta nisan gani. Gajimare yana rufe sama ya bar hasumiya a fili, hazo kuwa yana cinye hasumiyar ya mai da rana fara fat kamar faranti. A nan dole a gargaɗi yara kada su ƙura wa rana ido, domin hazo yana rage haskenta har a ji ana iya kallonta, amma bai hana ta cutar da ido ba.

Lokacin dubawa ya zama ɗaya kullum, kuma a fita waje a duba, kada a tsaya ga abin da aka hango ta taga. Sai dai a nan akwai tarkon da ya fi kowanne kama malamai. Ruwan ƙasar Hausa yawanci da la'asar ko cikin dare yake sauka, bayan an tashi daga makaranta. Ajin da yake duba sama da ƙarfe takwas na safe kawai zai iya cika kwalin Yuni da hoton rana, ya fito da sakamakon cewa ba a yi ruwa ba a watan da aka yi shuka. Maganin shi ne kowane gida a allon ya amsa tambaya biyu: yaya sama take yanzu, kuma an yi ruwa tun jiya war haka? Amsar ta biyu tana cikin ma'aunin ruwa.

Ma'aunin ba ya bukatar kuɗi. A samu gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke kanta daidai inda jikin ya fara miƙewa, a kifa kan a ciki ya zama mazurari, wanda zai kuma rage tsotsewar ruwan idan rana ta fito. A zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, a zuba ruwa ya rufe tsakuwar har zuwa wani layi da za a ɗauka a matsayin sifiri, sannan a ɗaura rula daga layin zuwa sama. A ajiye ta a fili, nesa da indararo da inuwar bishiya. Idan bakin gorar da jikinta faɗinsu ɗaya, tsayin ruwan da ya ƙaru shi ne yawan ruwan da aka yi. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta zuba a kan filin da tsawonsa mita ɗaya ne faɗinsa mita ɗaya, don haka ruwan milimita 20 daidai yake da jarka guda mai lita 20 a kan ɗan wannan fili. Ƙananan yara ba sa bukatar lambobin. A yanka musu tsinke ko zare daidai tsayin ruwan su liƙa a gidan ranar, tsawon tsinkayen zai yi musu bayani. Bayan an karanta a zubar a mayar da ruwan kan sifiri, a kuma riƙa wanke gorar duk mako don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Abin da aka tarar ranar Litinin na kwana uku ne, sai a yi masa alama ta daban.

Ranar ƙidaya

Ranar da allon yake biyan wahalarsa ita ce ranar ƙarshen wata. A ɗauka, don misali, ajin 'yan shekara shida ya cika kwanaki ashirin a Janairu, aka samu hazo sau 13, rana tas sau 7, gora kuma ba ta kama ko ɗigo ba. Malama za ta ba yara marafan kwalba, su ɗora ɗaya a kan kowane gida, sannan su kwashe su jera na hazo a layi ɗaya, na rana a wani layin. Ba sai an iya ƙirge har 13 ba kafin a ga wane layi ya fi tsawo. Idan Yuni ya zo aka yi haka, a ce an samu rana sau 9, gajimare sau 11, gora ta kama ruwa sau 6, layin hazo kuma babu komai, sai a ɗauko kwalin Janairu a ajiye kusa da shi a tambayi yara abin da ya ɓace da abin da ya bayyana. A wannan lokaci ne ya dace a kira sunan hunturu da damina, bayan yaran sun ga bambancin, domin sunan ya sauka a kan abin da suka riga suka sani.

Yana da kyau a bar wani gefe na kwalin ga abin da yara suka gani a hanya. Leɓe ya fashe an fara shafa man kaɗanya, mangwaro ya nuna, shamuwa ta dawo ta yi sheƙa, shinge ya fito bayan ruwan farko, kwaɗi sun cika dare da kuka, an fara cin ɗanyar gyaɗa. Idan akwai gawo kusa da makaranta, babu bishiyar da ta fi shi amfani a wannan darasi, domin yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran bishiyoyi suke kore shar, ya yi ganye da rani lokacin da kuka ta tsaya tsirara. Yaron da ya zana gawo da kuka sau ɗaya kowane wata zai ƙare shekara da tambayar da ba malami ne ya sa masa ita a baki ba.

Wasan hasashe da zargin duba

Damuwar iyayen da suke ƙyamar wannan wasa ba ta rasa tushe ba. Musulunci ya yi hani mai tsanani ga zuwa wurin boka da ɗan duba, kuma akwai sanannen hadisin da aka ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid, na ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, wanda ya yi gargaɗi a kan jingina saukar ruwa ga tauraro. Uban da ya ji ɗansa yana cewa gobe za a yi ruwa, da tabbaci kamar wanda aka yi wa wahayi, yana da dalilin ɗaure fuska. Masu goyon bayan wasan kuma suna cewa manomin da ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya ba gaibu ya sani ba, alama ya gani ya auna ta da abin da ya saba gani, kuma malamai da dama sun bambanta wannan da duba matuƙar ba a yi da'awar tabbas ba.

A ganina ɓangarorin biyu suna haɗuwa a wuri ɗaya, wato lafazin da ake koya wa yaro, kuma lafazin da ya fi dacewa da addini shi ne ya fi dacewa da ilimin yanayi. Mai hasashen kirki ba ya cewa za a yi, cewa yake yi ana sa ran. Don haka jimlar da yaro zai faɗa gaban aji ta ƙunshi abu uku: abin da ya gani, abin da yake zato, da ƙarfin zaton nasa. Misali ya ce, na ga gajimare ya taru a gabas kuma ana zufa, ina zaton za a yi ruwa kafin gobe in Allah ya so, amma zatona ba mai ƙarfi ba ne. Idan babu kashin farko, abin da yaron ya faɗa buri ne kawai, kuma za a gane haka idan kullum ruwa yake hasashe saboda yana son wasa a cikinsa.

Ƙarfin zato ana iya nuna shi da tsakuwa goma da kwano biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na rashinsa. Yaron da ya zuba bakwai a kwanon ruwa ya bar uku a ɗayan ya faɗi abin da masana suke nufi da kashi 70 cikin 100, ba tare da ya san lissafin kaso ba. Washegari idan ba a yi ruwa ba, malama za ta nuna masa tsakuwa ukun nan, ta ce ai ka bar wa wannan wuri. Manya da yawa da suke cewa hukumar yanayi ta yi ƙarya duk ranar da ruwa bai zo ba, wannan darasin ne ya wuce su. Akwai kuma dalili na biyu da yara za su iya ganowa da kansu: ruwanmu yakan sauka a unguwa ɗaya ya tsallake ta kusa da ita. Idan aka tambayi aji wa aka yi ruwa a gidansu jiya, rabi suka ɗaga hannu alhali gorar makaranta a bushe take, an ga iyakar ma'auni ɗaya a wuri ɗaya.

Kuskuren ba da maki

Malamai da yawa suna ba da tauraro ga yaron da hasashensa ya yi daidai, kuma wannan yana lalata wasan ta hanyar da ba a saurin ganewa. Mu koma ga Yunin misalinmu mai kwana ashirin da ruwa sau shida. Yaro na farko bai taɓa fita ya dubi sama ba, kullum cewa yake ba za a yi ruwa ba. Zai ci sau 14. Yarinya ta biyu tana fita tana duba ƙyalle da gabas, ta yi hasashen ruwa sau tara, huɗu suka tabbata, biyar ba su tabbata ba, ruwa biyu kuma suka zo ba ta zata ba. Ta faɗi sau bakwai, ta ci sau 13. A lissafin tauraro yaron ya fi ta, alhali bai hango ruwa ko ɗaya ba, ita kuwa ta hango huɗu cikin shida, kuma da shanyar hatsi aka bar musu tsaro ita ce za ta fi ceton ta. A Janairu abin ya fi muni, domin duk wanda ya ce babu ruwa zai ci kullum ba tare da ya koyi komai ba. Saboda haka yabon ya tafi ga dalilin da yaro ya kawo, kuma tambayar ta sauya da lokaci: da hunturu a yi hasashen ko za a ga hasumiya gobe, da bazara a yi hasashen inda ƙyalle zai kaɗa, a bar hasashen ruwa sai an shiga Mayu.

Alamar cewa wasan ya mutu ita ce yara su riƙa duban fuskar malama kafin su amsa, ko a samu kwalin mako guda an cike shi rana ɗaya da hannun babba. Gidan da aka bari fanko saboda ba a duba ba ya fi gidan da aka cike da ƙiyasi, domin yaro yana koyon cewa abin da ba a gani ba ba a rubuta shi. Haka nan idan hadari ya taso ana walƙiya da tsawa, dubawa ta ƙare, kowa ya shiga aji, gora ta jira sai an ɗauke.

Giɓin dogon hutu

Matsalar da ta fi wuyar magani ita ce ta kalandar makaranta. Dogon hutu a Najeriya yakan fara a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, a Nijar ma makarantu a rufe suke a tsakiyar damina. Ma'ana watan Agusta, wanda ya fi kowane wata ruwa, ba ya hawa bangon aji, sai jerin kwalayen ya fito da rami a daidai inda labarin ya fi daɗi. Ana iya rage wannan ta hanyar ba kowane yaro takarda mai gida talatin da ɗaya ya tafi da ita gida, ya riƙa yin ɗigo a ranar da aka yi ruwa, ko ya jefa ƙwayar wake a gwangwani. Ba duka za su dawo da ita ba, waɗanda suka dawo ma lissafinsu ba zai zo ɗaya ba, amma takarda biyar sun isa a cike ramin. Sai dai a tuna cewa yaran sun koma sabon aji a lokacin, don haka kwalayen bara su bi su, in ba haka ba ba za su taɓa ganin shekara ta zagayo ta haɗe ba.

Akwai awo ɗaya da hutu ba ya ɓata shi sosai, domin sau ɗaya a wata ake yinsa, wato inuwar sanda. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsaye cak a fili, a auna inuwarta da tsakar rana, wanda a Kano yake kamawa wajen sha biyu da rabi na agogo. A ƙarshen Disamba inuwar za ta kai kusan santimita 70 tana nuna arewa. Daga nan za ta riƙa gajarcewa har ta kusan ɓacewa a gindin sandar wajen 21 ga Afrilu, lokacin da rana take tsaye a kan garin, a tsakiyar zafin bazara. Sai ta ɓullo ta kudu, ta kai kimanin santimita 20 a ƙarshen Yuni, ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta, sannan ta koma arewa. Zaren da aka yanka daidai tsawon inuwar kowane wata, aka liƙa shi a ƙasan kwalin watan, zai nuna wa yara cewa zare mafi tsawo yana ƙarƙashin kwalin hunturu mai hazo, kuma kwalin da ba shi da zare shi ne na watan da aka fi shan ruwan randa.